Takardar Shaidar Biyan Haraji: Me Take Tabbatarwa, Wa Ke Neman Ta?

Ɗan kasuwa kan ɗauka rasit ɗin haraji ɗaya ya wadatar, sai ya je neman kwangila a ce ya kawo takardar shaidar biyan haraji. A Najeriya wannan takarda tana nuna cewa mai ita ya biya harajin kuɗin shigarsa na shekaru uku da suka gabata, ko kuma babu harajin da ya hau kansa a lokacin. Ba ta wanke mutum har abada, domin in an binciki littattafansa aka ga ya ɓoye riba, za a biyo shi da sauran.

Inda ake karɓarta ya danganta da irin rajistar. Kamfani mai cin gashin kansa hukumar harajin tarayya ke ba shi, mai shagon da ya yi rajistar sunan kasuwanci kuwa hukumar harajin jihar da yake zaune.

Ɗauki mai sayar da kujeru a Kano da ke son kwangilar gwamnati a 2025. Ma'aikatar za ta nemi takardar da ta ƙunshi 2022, 2023 da 2024, kuma giɓin shekara guda kan sa a jefar da buƙatarsa. Hukumar filaye ma tana neman ta kafin ta ba da takardar mallaka, haka masu ba da lasisin shigo da kaya ko fitar da su.

Saboda haka a riƙa kai bayanan kuɗin shiga kowace shekara, ko da ba a ci riba ba.