Gashin Masara a Gida: Yadda Za Ki Kauce wa Ƙonewa a Waje da Ɗanyantaka a Ciki

Uwargida, damina ta yi nisa, sabuwar masara ta cika kasuwa. Wataƙila kin taɓa sayo goyo shida, kin ɗora a wuta, yara sun zagaye ki suna jira, a ƙarshe gefe guda ya yi baƙi ƙirin, ɗaya gefen kuma ɗanye shar. Kuɗi sun tafi, ga yara sun yi cizo biyu sun ajiye. Yawanci abu biyu ne ke jawo haka: an ɗora masarar wuta na ci, ko an bar ta ba juyi.

Tun a wurin saye ake fara gyara. Ki ɗan buɗe ɓawon, ki danna ƙwaya ɗaya da farce. Idan ruwa fari kamar madara ya fito, wannan ita ce ta gashi. Idan farcen ya kasa shiga, ta ƙosa, kuma kome iyawarki sai ta gajiyar da muƙamuƙi. Ki gasa ta a ranar da kika saya, domin daga lokacin da aka karye ta a gona zaƙinta yake fara komawa gari.

Ki hura gawayi a kurfoti, ki yi haƙuri har harshen wuta ya mutu, garwashin ya yi ja, farar toka ta fara rufe shi. Wannan kan ɗauki minti 15 zuwa 20. Ki baza garwashin, ki ɗora waya, a samu tazarar kamar yatsu huɗu tsakaninsu. Sai ki ɓare masarar, ki cire gemun tas, ki jera.

Ki ɗauka kowane goyo fuska huɗu gare shi. Kowace fuska minti 2 zuwa 3 take so, sannan ki mirgina zuwa ta gaba. Zagayen farko zai ci kamar minti 10, kuma a nan ne cikin yake nuna. Zagaye na biyu na ba ta launi ne, shi kuma da sauri ake yi, minti ɗaya ɗaya. Gaba ɗaya masara mai taushi ba ta wuce minti 15. Da kin ji ƙwayoyi sun fara fashewa ɗas-ɗas, lokacin juyi ya yi, kada ki tsaya jiran agogo. Idan kuwa ta fara baƙi tun minti ɗaya bai cika ba, wutar ta yi yawa, ki ɗaga wayar ko ki rage garwashi.

Akwai abin da masu gashi a bakin titi ke yi wanda mu a gida muke mantawa: sauya wuri. Tsakiyar kurfoti ya fi gefe zafi, saboda haka bayan zagayen farko, na tsakiya su koma gefe, na gefe su shigo tsakiya. Siririn bakin goyon ma ya fi gindin saurin ƙonewa, ki riƙa sa shi ya kalli waje. Mafici kuma sai garwashi ya yi sanyi ake ɗauko shi, ba a yi ta fifita ba ji ba gani.

Idan wadda kika samu ta ɗan ƙosa, ki tafasa ta minti 10 da ɗan gishiri, ki tsane, sannan ki gasa. Ɗanɗanon bai kai na gashi zalla ba, gaskiya, amma yara za su iya tauna ta.

Ranar da ruwa ya tsuge, don Allah kada ki shigar da kurfoti ɗaki ki rufe ƙofa. Garwashi yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari, tana iya sumar da mutum har ta yi kisa. Ki gasa a baranda inda iska ke ratsawa, ko ki kunna obin.

A obin, ki bari ya yi zafi tukuna, digiri 200, wato lamba 6 a na gas. Ki shafa wa masarar ɗan man gyaɗa ko bota, domin busasshen zafin obin yana tsotse ruwan ƙwaya. Ki jera a kan waya, ki ba ta minti 25 zuwa 30, kina juyawa duk bayan minti 10, kina rufe ƙofar da sauri don kada zafi ya tsere. Ba za ta yi ɗigo-ɗigon baƙi irin na gawayi ba. In kina son haka, ki kunna wutar sama a ƙarshe, minti 2 kowane gefe, kina tsaye a wurin. Wadda kika sa da ɓawonta ba ta buƙatar juyi, minti 30 ya ishe ta, sai dai ta fi kama da dafaffiya.

Kafin ki sauke duka, ki ɓalli ƙwaya ɗaya daga gindin goyo mafi kauri ki tauna. Idan babu ɗanɗanon ɗanyen gari, ta yi. Ki naɗe su a ɓawonsu ko a tsumma mai tsabta minti 5, tururin zai ƙara musu taushi, sannan ki raba da zafinta, da kwakwa in akwai, domin in ta huce tauri take yi. Ƙaramin yaron da bai iya tauna sosai ba kuwa, kada ki miƙa masa goyo ko ki ɓarza masa a hannu, ƙwayar na iya shaƙe shi.