Ƙorafin da Masu Gyaran Manhajar Banki Ke Iya Aiki da Shi

Duk wanda ya leƙa shafin wata manhajar banki a Google Play zai tarar da taurari ɗai-ɗai birjik, ƙarƙashinsu an rubuta "ba ta aiki" ko "Allah ya isa". Fushin yana da dalili, musamman ga ɗan kasuwar da mai saye ya tsaya masa a ka yana jiran rasit. Sai dai injiniyan da zai yi gyara ba ya tsintar komai a ciki, domin kafin ya gyara matsala dole ya sa ta faru a gabansa.

Google Play haruffa 500 kacal yake ba mai sharhi, don haka ba wurin doguwar gaisuwa. A ɗauki misalin mai shagon da manhajarsa ke rufewa duk lokacin da zai tura wa abokin ciniki shaidar biya. Ga yadda zai rubuta:

"Tun da na sabunta zuwa 4.2.1, in na tura kuɗi na danna Share Receipt na zaɓi WhatsApp, sai manhajar ta rufe kanta. Kuɗin suna tafiya, rasit ne ba ya fita. Kullum haka take yi, da data ko da Wi-Fi. Wayata Tecno ce, Android 13. Na sake kunna wayar, ba ta canja ba. Kafin sabuntawar lafiya lau."

Kowace jimla a nan ta rage wa injiniya aiki. Lambar sigar ta nuna masa canjin da zai bincika. Jerin abin da aka danna ya ba shi hanyar da zai bi da wayar gwaji. Ambaton data da Wi-Fi ya wanke kamfanin layi daga zargi. Kalmar "kullum" kuwa ta fi duka daraja, saboda matsalar da ke zuwa jefi-jefi ita ce mai cinye kwanaki kafin a kama ta.

Akwai abin da ba a sakawa ko da wasa: lambar asusu, BVN, lambar waya ko lambar sirrin da banki ke turowa. Sharhi a bainar jama'a yake, 'yan damfara ma suna karantawa, har su kira mutum da sunan ma'aikatan banki.

Haka kuma sharhi ba ya dawo da kuɗi. Wanda aka cire masa kuɗi ba su isa ba, sashen kula da abokan hulɗa na bankin zai nufa da lambar shaidar cinikin, in abin ya gagara ya kai ƙara Babban Bankin Najeriya.

Masu manhajar suna iya ba da amsa a ƙarƙashin sharhin, shi ma mai shi yana iya gyara abin da ya rubuta. Idan sabuwar siga ta fito, ya koma ya faɗa musu ko rasit ɗin ya fara fita.