Imel Ɗin Ba Da Haƙuri: Amsa Laifinka, Rage Dogon Bayani

'Yan'uwa ɗalibai, a ce kai ne sakataren ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarku da ke Sabon Gari. An sa taro ranar Laraba da ƙarfe 4 na yamma don raba aikin mujallar ƙarshen zango, kuma littafin taro yana hannunka. Ka taso daga Fagge a makare, cunkoson 'Yan Kura ya riƙe adaidaita sahun da ka hau, kafin ka iso an watse. Me za ka rubuta wa malamin ƙungiya?

Da yawa daga cikinmu labari za mu zuba: an aike ni Kantin Kwari, waya ba caji, hanya ta cushe. Ko da duk gaskiya ne, Malam zai ga kare kai kake yi. Cunkoson 'Yan Kura ba baƙon kowa ba ne, don haka laifin na wanda bai fito da wuri ba ne.

A gurbin Subject rubuta: Neman afuwa kan rashin halartar taron Laraba. Sannan saƙon ya zo kamar haka:

"Assalamu alaikum Malam. Ina neman afuwa kan rashin halartar taron yau. Laifina ne, ban fito da wuri ba, kuma ban sanar da ku ba. Na san rashin littafin taro ya kawo muku cikas. Na karɓi abin da aka tattauna daga shugaban ƙungiya, zan rubuta shi in kawo muku gobe kafin a shiga aji. Na gode, Malam. Ɗalibinku, sakataren ƙungiya."

Lura da abubuwa uku. Dalilin bai wuce jimla ɗaya ba. An ambaci ɓarnar da rashin zuwan ya jawo, wanda ke nuna ka san nauyin abin. Sannan gyaran yana da rana da lokaci, domin "zan kiyaye" kaɗai ba ta mayar da abin da aka rasa.

Kafin ka tura, nemi kalmar "amma". Idan ka rubuta "a yi haƙuri, amma hanya ce", ka ba da haƙurin da hannun dama ka karɓe da na hagu. Goge ta tare da abin da ya biyo bayanta.

Idan kuwa rashin lafiya ko rasuwa ce ta hana ka, faɗi hakan a taƙaice, kada ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba.

Tura saƙon a ranar, kada ya kwana. Washegari kuma ka je ka gaishe da Malam, da rahoton taron a hannunka.