Kafin Ka Zana Hoton Wani, Nemi Izinin Wanda Ya Ɗauke Shi

A shekarar 1981 wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, Lynn Goldsmith, ta ɗauki hotunan mawaƙin nan Prince, lokacin da tauraronsa ya fara haskawa. Bayan shekara uku, a 1984, mujallar Vanity Fair ta so ta ƙawata wani labari a kan mawaƙin da zanen fuskarsa. Sai ta biya dala 400 don a ba ta izinin miƙa ɗaya daga cikin hotunan ga mai zane, ya duba ya zana. Takardar yarjejeniyar ba ta da tsawo, amma ta fayyace cewa izinin na wannan fitowar ce kaɗai, za a sa sunan mai hoton, kuma ba a ba da damar wani amfani ba bayan wannan.

Mai zanen da aka ba aikin shi ne Andy Warhol. Ya yi wanda mujalla ta nema, sannan ya ƙara wasu 15 daga wannan hoto ba tare da Goldsmith ta sani ba. Warhol ya rasu a 1987, ayyukansa suka koma hannun gidauniyar da ke ɗauke da sunansa. Da Prince ya rasu a 2016, kamfanin Condé Nast, mai mujallar, ya biya gidauniyar dala 10,000 ya sa ɗaya daga cikin zanen a bangon wata fitowa ta musamman. Ita Goldsmith ba a ba ta ko sisi ba, ba a kuma ambaci sunanta ba. Magana ta yi ta tafiya har gaban Kotun Ƙolin Amurka, wadda a watan Mayun 2023 ta ba ta gaskiya, alƙalai 7 suka rinjayi 2. Hujjarsu ita ce, hoton da zanen aiki ɗaya suke yi a wannan ciniki: dukansu fuskar Prince ce da ake sayar wa mujalla don ta raka labarin Prince. Sauya launi da salo bai wadatar ba, tunda zanen ya shiga kasuwar da hoton ke cin abinci.

Mutane da yawa suna ganin cewa duk abin da hannu ya zana na mai hannun ne. Amma hoton fuska ba ya ɗaukar kansa. Mai ɗauka ne ya zaɓi inda haske zai faɗo, ya ce a ɗan karkata kai, ya jira daƙiƙar da ido ya yi abin da yake so. Waɗannan zaɓe-zaɓen su ne aikinsa, kuma su ne mai zane ke kwashewa idan ya bi hoton sau da ƙafa. Doka a mafi yawan ƙasashe, har da Nijeriya, tana ba mai hoto haƙƙin mallaka tun lokacin da ya ɗauka, ba sai ya yi rajista ba. Ganin hoto a Instagram ko Facebook bai mayar da shi na kowa ba.

Dalibin da ke kwaikwayon hoto a littafinsa don ya koyi inuwa ba shi da wata damuwa. Idan zanen zai fita bainar jama'a, musamman da kuɗi a ciki, to lokacin rubuta saƙo ya yi. A ɗauka wata mai zane ce a Kano aka ba ta aikin bangon littafin hikaya, ta ga hoton wata dattijuwa da ya dace da abin da take nema. Ga irin abin da za ta aika:

"Salamu alaikum, Malam. Barka da aiki. Ni mai zane ce a Kano, ga wasu ayyukana na haɗo maka. Na ga hotonka na dattijuwar nan mai jan ɗankwali, wanda ka wallafa a watan jiya, na kuma saka shi a nan don kada a samu ruɗani. Ina neman izininka in dube shi in zana bangon wani littafin hikaya. Zan bi yanayin fuskar da hasken, amma zan sauya tufafi da abin da ke bayanta. Za a buga kwafi 1,000 don sayarwa, bangon kuma zai fito a tallan littafin. Ba zan yi amfani da zanen a wani wuri ba sai na sake tuntuɓarka. Zan sa sunanka a shafin farko yadda kake so a rubuta shi. Don Allah nawa ne kuɗin izinin? Kuma ita mai fuskar ta amince a yi irin wannan amfani da hotonta? Idan ba zai yiwu ba, babu komai. Na gode, Allah ya ƙara basira."

A ganina, jimlar da ta fi kowace nauyi a nan ita ce alkawarin sake tuntuɓa. Irinta ce ta ke cikin takardar 1984, kuma ita ta nuna ƙarara inda izinin Goldsmith ya tsaya. Mai hoto yana jin tsoron amsa "to" ne domin bai san iyakar abin da ya amince da shi ba: yau bangon littafi, gobe riga, jibi allon talla a bakin titi. Idan aka gaya masa wane hoto, don wane aiki, kwafi nawa, a ina, sai ya iya yanke farashi da kwanciyar hankali. Ita ma mai zanen ta tsira, domin mawallafi ba zai wayi gari da takardar lauya ba bayan an riga an kashe kuɗin ɗab'i. Kada kuma a ɓoye zancen kuɗi don kunya. Wanda ya ce "zane kawai zan yi" alhali sayarwa zai yi, izinin da ya samu bai shafi sayarwar ba.

Tambayar da ta shafi dattijuwar ma ba ado ba ce. Haƙƙin hoto na mai ɗauka ne, amma fuska ta mai ita ce. Matar da ta yarda aka ɗauke ta a wurin biki ba lallai ta yarda a ganta a bangon labarin kishiyoyi ba, kuma a garuruwanmu irin wannan na iya jawo mata magana a gida da unguwa.

Wani lokaci mai ɗaukar ba shi ne mai ikon ba da izini ba, musamman idan ya ɗauki hoton ne a bakin aikin wata jarida ko kamfani. Shahararren zanen Barack Obama na yaƙin neman zaɓen 2008, wanda Shepard Fairey ya yi, ya samo asali ne daga hoton da Mannie Garcia ya ɗauka a 2006 yana yi wa kamfanin dillancin labarai na Associated Press aiki. Da kamfanin aka yi shari'a, da shi kuma aka sasanta a 2011. Saboda haka idan mai hoto ya ce a tuntuɓi wasu, ba wulaƙanci ba ne.

Idan mako biyu ya wuce ba amsa, ana iya tunatarwa sau ɗaya cikin ladabi. Shiru dai ba izini ba ne, haka ma rubuta sunan mai hoto a ƙarƙashin zane ba ya maye gurbin tambayarsa. In ya ƙi ko ya yi shiru, mai zane na iya ɗaukar nata hoton da yardar wata, ko ta nemi wanda mai shi ya riga ya bayyana cewa ya yarda a sarrafa shi har a sayar. In kuwa ya amince ta waya, ta roƙe shi ya maimaita a rubuce, ko da a WhatsApp ne, ta adana saƙon tare da shaidar biyan kuɗi, sannan ta ba mawallafin littafin kwafi kafin a kai aikin maɗaba'a.