Agogon da ke tuna wa iyaye kuɗin makaranta

Duk makarantar kuɗi da ke zango uku a shekara ta san wahalar makonnin farko bayan hutu. Ma'aji yana bin rasit, malamai suna raba wa yara takardar tuni su kai gida, rabin takardun kuma a cikin jaka suke ƙarewa tare da ɓawon gyaɗa. Shi ya sa makarantu suka koma tura saƙon tes kai tsaye zuwa wayar iyaye. Sai dai turawa da hannu ma aiki ne, kuma ranar da ma'aji ya tafi suna ko jana'iza, saƙo ba zai fita ba. A nan ake kiran cron.

Cron wata 'yar manhaja ce da ke zaune a cikin sabar, wato kwamfutar da ba a kashe ta dare da rana, wadda galibi makaranta ke haya a wurin wani kamfani ta intanet. Tsohuwa ce ƙwarai. Ta fito ne daga tsarin Unix na Bell Labs a Amurka tun shekarun 1970, kuma nau'in da yawancin kwamfutocin Linux ke amfani da shi a yau ya samo asali daga wanda Paul Vixie ya fitar a 1987. Aikinta guda ne: kowane minti ɗaya ta duba jadawalin da aka rubuta mata, idan lokacin wani aiki ya yi ta tayar da shi. Kamar yaron da ke kaɗa ƙararrawar makaranta take. Idan lokaci ya yi zai kaɗa, ko akwai malami a aji ko babu.

Wannan shi ne abin da ya kamata mai makaranta ya fara fahimta kafin ya biya wani ya haɗa masa tsarin. Cron ba ta san wanda ya biya ba, ba ta san an ɗaga ranar komawa ba, ba ta ma iya tura saƙo da kanta. Agogo kawai ta sani.

Ana buɗe jadawalin da umarnin `crontab -e`, a duba abin da ke ciki da `crontab -l`. Kowane layi yana farawa da gurbi biyar: minti, awa, ranar wata, wata, sai ranar mako, wadda ake ƙirgawa daga 0 a matsayin Lahadi zuwa 6 a matsayin Asabar. Alamar tauraro tana nufin "kowanne". Bayan gurbin biyar sai umarnin da za a aiwatar.

A ɗauka wata makaranta ce mai iyaye 400, ta sa 30 ga Satumba a matsayin ranar ƙarshe ta biyan kuɗin zangon farko, kuma tana so a yi tuni saura kwana 14, saura kwana 7, da saura kwana 1. Wato 16, 23 da 29 ga wata. Abin da zuciya ke fara raya wa sabon hannu shi ne ya rubuta waɗannan ranaku a cikin jadawalin, kamar `30 8 16,23,29 9 *`, ma'ana ƙarfe takwas da rabi na safe a ranakun nan uku na watan tara. Layin daidai yake, kuma zai yi aiki. Amma cron ba ta da gurbin shekara, saboda haka baɗi ma a ranakun nan za ta tashi, ko da makaranta ta canja kalandarta. Kuma idan hukumar makaranta ta ƙara wa iyaye mako ɗaya saboda albashi ya yi jinkiri, sai an nemo mai fasahar ya shiga sabar ya gyara, shi kuwa wataƙila ya tafi bautar ƙasa.

Hanyar da ta fi ita ce a bar cron ta tashi kullum a lokaci guda, a bar hukunci a hannun wata ƙaramar manhaja da aka rubuta don makarantar:

```
30 8 * * * /usr/bin/python3 /home/makaranta/tuni.py >> /home/makaranta/tuni.log 2>&1
```

Kowace safiya `tuni.py` za ta buɗe rumbun bayanai ta karanta ranar ƙarshen biya, wadda ma'aji ke iya canjawa da kansa daga ofis. Ta lissafa kwanakin da suka saura. Idan ranar tuni ce, ta zaro sunayen waɗanda ake bi bashi kaɗai, ta haɗa saƙon kowa da ragowar kuɗinsa, ta miƙa wa kamfanin da ke tura tes da yawa. Idan ba ranar ba ce, ta rufe ba ta ce komai ba. Guntun da ke ƙarshen layin yana tara duk abin da ta faɗa, har da kuskure, a cikin fayil ɗin `tuni.log`. Wanda ya bar shi a baya zai yi ta laluben duhu ranar da abu ya lalace.

Akwai wata dabara ƙarama da ke raba tsarin kirki da na jeka-na-yi-ka. Kada manhajar ta tambayi kanta ko yau saura kwana 7 cif. Ta tambaya ko kwanakin da suka saura sun kai 7 ko ƙasa da haka, kuma ko an riga an tura wa wannan mahaifi tunin na kwana 7. Dalili shi ne cron ba ta ramuwa. Idan sabar tana kashe da ƙarfe takwas da rabi na 23 ga wata, ko don an ɗauke wuta a makarantar da ta ajiye kwamfutarta a ofis, ko don kamfanin haya yana gyara, aikin ranar ya wuce ke nan. Da tambaya ta biyu kuwa, washegari manhajar za ta ga akwai tunin da bai fita ba, ta tura shi da adadin kwanakin da ya dace. Akwai wata manhaja mai suna anacron da aka yi don rama ayyukan da suka kuɓuce, amma ita da kwanaki take lissafi, ba ta riƙe takamaiman minti.

Rubuta wanda aka tura wa yana da amfani na biyu, kuma shi ne ke tsare mutuncin makaranta. Kuskuren da ya fi kowanne yawa a jadawalin cron shi ne barin tauraro a gurbin minti. Wanda ya rubuta `* 8 * * *` yana zaton ya ce ƙarfe takwas, alhali ya ce kowane minti daga takwas zuwa takwas da minti hamsin da tara. Sau 60 ke nan. A makarantar nan mai iyaye 400, saƙo 24,000 ne zai fita kafin ƙarfe tara, kuɗin da aka zuba wa kamfanin tes ya ƙone, wayar shugaban makaranta kuma ta ɗauki zafi. Manhajar da ke duba ko ta riga ta tura za ta aika sau ɗaya, sauran 59 su wuce babu komai.

Wani tarkon ya fi wannan ɓoyewa. Idan aka cike gurbin ranar wata da na ranar mako duka biyu, cron ba ta jira sai sun haɗu. Layin `30 8 23 9 1` ba ya nufin 23 ga Satumba idan ta faɗo Litinin. Zai tashi ranar 23, kuma zai tashi kowace Litinin ta watan.

Sai batun agogon sabar kanta. Yawancin sabar haya da lokacin UTC suke zuwa, Nijeriya da Nijar kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya. Saƙon da aka tsara na takwas da rabi zai iso tara da rabi. Umarnin `date` yana nuna agogon da sabar ke bi, ana gyarawa da `timedatectl set-timezone Africa/Lagos` ko `Africa/Niamey`, sannan a sake tayar da cron don ta ɗauki sabon lokacin. An yi sa'a ƙasashen biyu ba sa tura agogo gaba ko baya da sauyin yanayi kamar Turai.

Shi kansa saƙon yana da nasa lissafi, kuma a nan Hausa ta shigo. Shafi ɗaya na tes yana ɗaukar haruffa 160 idan duk na gama-gari ne. Da an sa harafi ɗaya mai lanƙwasa, ɗ ko ƙ ko ɓ, ko alamar naira mai layi biyu, sai dukan saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, idan kuma ya wuce shafi ɗaya kowane shafi 67. Ga misali:

```
Assalamu alaikum. Muna tunatar da ku cewa saura kwana 7 a rufe karbar kudin makaranta na zango na daya. Ragowar kudin: N25,000. Mun gode.
```

Haruffa 137 ne, shafi ɗaya. Idan aka gyara rubutun aka sa masa lanƙwasa yadda malamin Hausa zai so, ya zama shafi uku, kuɗin turawa ya ninka sau uku. Abin takaici ne ga mai kishin ƙa'idar rubutu, amma ma'aji ya san ɓangaren da zai zaɓa.

Ko saƙo ya fita, ba lallai ya isa ba. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta ba masu waya damar toshe saƙonnin talla ta lambar 2442, kuma layin da aka toshe ba ya karɓar tes da ya biyo ta hanyar talla. Dole makaranta ta tambayi kamfanin ko yana da hanyar saƙonnin hulɗa, irin wadda bankuna ke turo alat da ita. Lambobin iyaye da bashin da ake bin su kuma bayanan sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, don haka saƙon kowa wayarsa kaɗai zai je.

Mafi ciwo ga mahaifi shi ne ya biya jiya da yamma, yau da safe a ce masa ana bin sa. Wannan ba laifin cron ba ne, rumbun bayanai ne ba a sabunta ba. Shi ya sa ya fi kyau a sa lokacin tuni bayan lokacin da ma'aji ya saba shigar da rasit, ko da hakan na nufin ƙarfe goma sha ɗaya maimakon takwas da rabi.

Ta yaya ake gane tsarin ya tsaya, tunda idan ya tsaya shiru kawai ake ji? A Ubuntu, umarnin `grep CRON /var/log/syslog` yana nuna ko cron ta tayar da aikin. Idan ta tayar amma saƙo bai fita ba, amsar tana cikin `tuni.log`. Sau da yawa za a tarar manhajar tana aiki lafiya idan mutum ya kira ta da hannu, amma ta ƙi a hannun cron, saboda cron ba ta san duk wuraren da ake ajiye manhajoji ba. Dalilin rubuta cikakken adireshi irin `/usr/bin/python3` ke nan. Alamar `%` ma tana karya layi a cikin jadawalin, sai an sa mata `\` a gaba.

Ma'aji ba zai riƙa karanta waɗannan ba, kuma ba aikinsa ba ne. Saboda haka sai a sa manhajar ta tura masa tes ɗaya kowace safiya bayan ta gama, ko ta tura wa iyaye ko ba ta tura ba: mutum nawa aka aika wa, nawa ne kamfanin ya ce bai shiga ba, da ragowar kuɗin da ke asusun tes. Kafin a saki tsarin a kan iyaye 400, ana fara gwada shi da lambobin malamai uku ko huɗu, a matso da ranar ƙarshen biya ta gwaji zuwa jibi, a ga ko tunin saura kwana 1 ya shigo gobe a kan lokaci, kuma sau ɗaya.