Inda jan biro ke tsayawa a rahoton ɗalibin kwamfuta

Idan ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya kawo gida takardar da aka ba shi maki 57 cikin 100, abin da yakan fara faɗa wa iyayensa shi ne manhajar fa tana aiki, malam ne kawai ya danne shi. Sau da yawa kuma rabin maganar gaskiya ce, manhajar tana aiki. Sai dai a irin wannan aiki ba manhajar kaɗai ake wa makin ba. An ce wa ɗalibi ya rubuta rahoto ne ya bayyana algoridim ɗinsa, wato jerin matakan da kwamfuta za ta bi ta warware wata matsala, ya faɗi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hanya ya bar waccan, sannan ya nuna yadda aikin zai ƙaru idan bayanai suka ƙaru. Mai duba rahoton yana riƙe da abu uku a gabansa: abin da ɗalibi ya ce, abin da ya rubuta wa kwamfuta, da abin da ya auna. Yawancin aikinsa shi ne ya ga ko ukun nan bakinsu ya zo ɗaya.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. An ba ɗalibai jerin lambobin rajista, aka ce su tsara hanyar gano ko akwai lambar da ta fito sau biyu. Wani ɗalibi ya rubuta wannan da harshen Python:

```python
def akwai_maimaici(lambobi):
    gani = []
    for x in lambobi:
        if x in gani:
            return True
        gani.append(x)
    return False
```

Ma'anarsa ba wuya. A buɗe jeri wanda ba komai a ciki, a sa masa suna `gani`. A ɗauki lambobin ɗaya bayan ɗaya. Idan lambar da aka ɗauka tana cikin waɗanda aka riga aka gani, an kama maimaici, a tsaya. In ba ta ciki, a ƙara ta a ci gaba. Amsar da wannan tsari zai bayar daidai ce a kowane lokaci, kuma malami zai ba shi makinsa na wannan ɓangare ba tare da ja-in-ja ba.

A shafi na gaba ne ɗalibin ya rubuta cewa tunda zagaye ɗaya tak ya yi a kan lambobin, ingancin algoridim ɗinsa O(n) ne. Wannan alama ta O wani masanin lissafi Bajamushe, Paul Bachmann, ya fara amfani da ita a 1894, kuma Donald Knuth na cikin waɗanda suka daidaita amfani da ita a fagen kwamfuta da wani rubutu da ya yi a 1976. Harafin n yana nufin yawan bayanai. Wanda ya ce O(n) yana cewa idan aka ninka bayanai sau biyu, aikin ma kusan sau biyu zai ninku. Wanda ya ce O(n²) kuwa yana cewa ninki biyu na bayanai zai jawo ninki huɗu na aiki. Alamar ba ta maganar sakan ko minti, yadda aikin ke girma take bayyanawa.

Nan jan biro ke tsayawa, a kan layi na huɗu, `if x in gani`. A ido layi ɗaya ne, amma a cikin kwamfuta cikakken zagaye ne a ɓoye. Idan aka tambayi Python ko wani abu yana cikin jeri irin wannan, tun daga farkon jerin yake farawa yana kwatantawa ɗaya bayan ɗaya har ya samu ko ya kai ƙarshe. To mu ƙirga. Lamba ta farko ba a kwatanta ta da komai. Ta biyu a kwatanta ta da ɗaya, ta uku da biyu, haka har ta ƙarshe wadda za a kwatanta da duk waɗanda suka gabace ta. Jimillar ita ce n(n−1)/2. Idan lambobi 1,000 ne kuma babu maimaici a cikinsu, an yi kwatance 499,500. Idan 100,000 ne, an doshi biliyan 5. Algoridim ɗin O(n²) ne. Ɗalibin ya ƙirga zagayen da ya rubuta da hannunsa, ya manta da wanda harshen ke yi a madadinsa, kuma wannan kuskure ne da ake yawan cin karo da shi.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne hujjar tana cikin rahoton nasa. A ce jadawalin gwajinsa ya nuna lambobi 10,000 sun ɗauki sakan 1, lambobi 20,000 sun ɗauki sakan 4, 40,000 kuma sakan 16. Ƙwararren malami ba sai ya kunna kwamfuta ba. Yakan raba kowane layi da na samansa, ya ga duk lokacin da bayanai suka ninku biyu lokaci ya ninku huɗu, shi ke nan. Ɗalibin ya auna da kyau, ya zana jadawali mai tsabta, sannan ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa sakamakon ya tabbatar da O(n). Bai karanta alƙaluman da shi ya tattara ba. Da ya bi su gaba kaɗan da ya ga cewa lambobi miliyan ɗaya sun ninka 10,000 sau 100, don haka lokaci zai ninku sau 10,000, wato sakan 10,000, kusan awa uku ana jiran amsar e ko a'a.

Akwai kuma waɗanda jadawalinsu ke fitowa sumul, lokaci ba ya ko motsi, kuma wannan ma abin tuhuma ne. Tsarin da ke sama yana tsayawa da zarar ya kama maimaici na farko. Idan bayanan gwajin suna da maimaici a cikin lambobi ashirin na farko, to ko miliyan goma ne a jerin, nan take zai gama. Shi ya sa malami ke neman jimlar da ta bayyana yadda aka samar da bayanan gwaji. Mafi munin hali ga wannan algoridim shi ne jerin da babu maimaici ko ɗaya a ciki, domin a nan ne dole ya bi kowace lamba. Rahoton da bai gwada wannan hali ba, ranar sa'a kawai ya auna.

Sai ɓangaren zaɓi, inda a ganina aka fi bambance wanda ya fahimta da wanda ya kwafo. Ba a kiran abu zaɓi sai da akwai wani da aka bari. Don haka jimla irin "na yi amfani da jeri saboda yana da sauƙi da inganci" ba ta cin maki a wurina, domin ba ta faɗi sauƙi fiye da me ba. A wannan matsala akwai aƙalla hanyoyi biyu da ya kamata ɗalibi ya ajiye kusa da tasa. Ta farko canjin layi biyu ne kawai:

```python
gani = set()
gani.add(x)
```

Shi `set` ba ya bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Yana yin wani ɗan lissafi a kan lambar, lissafin ya nuna masa gurbin da take, kamar yadda ma'aikacin ɗakin kati a asibiti ke duba lambar katinka ya nufi kantar da fayil ɗinka yake kai tsaye. Da wannan, aikin ya koma O(n) na gaskiya. Amma ɗalibin da ke son cikakken maki zai ƙara magana biyu: cewa wannan sauri a matsakaicin hali ne, domin idan lambobi da yawa suka faɗa gurbi ɗaya binciken na iya yin nauyi, kuma cewa ana biyan saurin da ƙarin wuri a ma'adanar kwamfuta, tunda `set` yana barin gurabe da dama a buɗe.

Hanya ta biyu ita ce a fara jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, sannan a duba kowace da maƙwabciyarta, tunda lambobi iri ɗaya dole su zauna kusa da juna. Jerawa da hanya mai kyau, irin ta raba-ka-haɗe da John von Neumann ya tsara a 1945, tana cin O(n log n). Ga lambobi miliyan ɗaya, wannan kwatance ne kamar miliyan 20, maimakon kusan biliyan 500 na hanyar ɗalibinmu. Ita ma da farashinta, domin asalin tsarin da lambobin suka zo da shi ya rushe, sai dai in an ajiye kwafi. Ba a bukatar ɗalibi ya gina duka ukun. Ana bukatar ya nuna ya san da su, ya kuma faɗi abin da ya sa tasa ta dace da aikin da ke gabansa.

Yanzu sai rabon maki. Kowane sashe da nasa tsarin, amma mu ce an ware 15 ga bayanin matsala da ingancin amsa, 25 ga hujjar zaɓi, 30 ga ƙididdigar inganci, 20 ga gwaji, 10 ga tsabtar rubutu. Ɗalibinmu zai samu 13 a na farko. A zaɓi zai samu 12, don ya bayyana tsarinsa sarai amma bai kawo kishiya ba. A ƙididdiga zai samu 10: ya san ma'anar alamar, ya faɗi abin da n yake nufi, amma amsarsa ba daidai ba ce. A rubutu 8. Gwajin ne ke bukatar tunani. Wasu malamai sukan zabge makinsa gaba ɗaya saboda bayanin da ke ƙarƙashin jadawalin kuskure ne. Ban yarda da haka ba. An riga an hukunta shi a kan O(n) a sashen ƙididdiga, kuma awon da ya yi sahihi ne, ya gwada girma daban-daban, bai gyara alƙaluma don su dace da da'awarsa ba. Abin da za a cire masa shi ne na rashin karanta su. Ya samu 14. Jimilla 57, wanda a tsarin yawancin jami'o'in Najeriya ya faɗa rukunin 50 zuwa 59, matsakaicin sakamako.

Abin da malami zai rubuta a gefen takarda ya kamata ya zama wanda ɗalibi zai iya aiki da shi. "Ba daidai ba" da dogon layi ja ba sa koya wa kowa komai. Gara a rubuta: "Duba layi na 4. Sau nawa ake kwatance a cikinsa idan `gani` ya kai lambobi 5,000? Raba sakan 4 da sakan 1 a jadawalinka, ka gaya mini abin da ka gani." Ɗalibin da ya amsa waɗannan da kansa zai gano kuskuren cikin minti kaɗan.

A ajin nan kuma ana iya samun wata ɗaliba da ta yi amfani da hanya mai jinkiri irin tasa, amma ta rubuta ƙarara cewa O(n²) ce, ta lissafa cewa ga ɗalibai 400 na sashenta kwatance 79,800 ne kacal, wanda kwamfuta ke gamawa kafin ƙiftawar ido, sannan ta ce idan jerin ya kai dubbai masu yawa a koma `set`. Saurin manhajarta bai fi na tasa ba ko da sakan ɗaya. Amma da'awarta da lissafinta da jadawalinta sun yi daidai da juna, ta kuma san iyakar abin da ta gina. Ita ce za ta haye 70, kuma ta cancanta.