Kwatanta Bugu Biyu na Takardar Manufa

Ɗalibai, takan yiwu an taɓa ba ku tsohuwar doka da sabuwa, aka ce ku faɗi abin da ya sauya. Wannan aiki yana da ƙa'idarsa. Za mu koye ta da Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda Nijeriya ta fara bugawa a 1977, ta kuma sake duba ta a 1981 da 1998 da 2004 da wasu shekaru bayan nan. Za mu ɗauki bugun 1981 da na 2004.

Da farko, ku san cewa sauyi iri biyu ne. Akwai sauyin fuska, kamar gyaran rubutu ko canjin lambar sashe. Akwai kuma sauyin ma'ana, wanda ke taɓa abin da za a yi, ko wanda zai yi shi, ko yawansa, ko lokacinsa. Domin ku bambance su, ku yi wannan tambaya: shin shugaban wata makarantar firamare a garin Gombe zai canza wani abu a aikinsa saboda wannan sauyi? In amsar a'a ce, kada ku rubuta shi.

Mataki na biyu shi ne ku haɗa sassan bisa abin da suke magana a kai, ba bisa lambarsu ba. A bugun 1981, ilimin firamare shi ne sashe na 3. A bugun 2004 kuwa ya koma sashe na 4, domin an shigo da sabon sashe a gabansa. Wanda ya bi lamba zai kwatanta abubuwa biyu da ba su da alaƙa, ya ɗauka an sauya komai. Alamar wannan kuskure ita ce ku ga babu jimla ko ɗaya da ta yi daidai da 'yar'uwarta.

Bayan haka sai ku karanta sassan jimla bayan jimla, ku rubuta sauyin a taƙaice. Ga yadda jerin zai kasance:

Ilimin bai-ɗaya. Sabon sashe ne a bugun 2004. Ya haɗa shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, ya ce waɗannan shekaru 9 kyauta ne kuma tilas.

Firamare, harshen koyarwa. Bugun 1981 ya ce a fara da harshen uwa ko na al'ummar wurin, daga baya a koma Ingilishi, amma bai faɗi lokacin ba. Bugun 2004 ya kayyade shekara 3 na farko, Ingilishi kuma ya shigo a hankali daga shekara ta 4.

Firamare, yawan ɗalibai. Bugun 1981 ya amince da ɗalibi 40 ga malami ɗaya na ɗan lokaci, da burin a kai 30. Bugun 2004 ya ce 35.

Ƙaramar sakandare. A bugun 1981 Faransanci darasin zaɓi ne. A bugun 2004 ya zama tilas.

Malanta. Bugun 1981 ya ce nan gaba shaidar NCE za ta zama mafi ƙarancin shaidar shiga aikin koyarwa. Bugun 2004 ya tabbatar da hakan kai tsaye.

Ku dubi batun yawan ɗalibai da kyau. Makarantar da ke da ɗalibi 280 tana bukatar malami 7 idan aka raba da 40, amma 8 idan aka raba da 35. Sai dai wanda ya rubuta cewa an rage daga 40 zuwa 35 kawai, ya faɗi rabin gaskiya, domin ya manta da burin 30 da ke cikin tsohon bugu. Abin da aka cire shi ya fi wuyar ganewa, saboda ido yana bin abin da ke kan takarda ne. Don haka ku karanta sau biyu: daga tsoho zuwa sabo, sannan daga sabo zuwa tsoho.

A ƙarshe, ku san iyakar jerinku. Yana nuna bambancin bugu biyu ne, ba ya nuna shekarar da sauyin ya fara. Alal misali, ɗaga matsayin Faransanci ya shigo tun a bugun 1998. Haka kuma jerin bai nuna abin da ake yi a cikin aji ba.

Aiki: Koyon Hausa ko Ibo ko Yarabanci a matsayin ƙarin harshe yana cikin bugu biyun. Shin ya kamata ya shiga jerinku? Me za ku duba kafin ku yanke hukunci?